Daga Gusau zuwa Abuja da kaya masu yawa: a shiga da su jirgin ƙasa, ko a ba da webil a tafi hannu sake?

Mutumin Zamfara da ke son hawa jirgin ƙasa ba daga ƙofar gidansa yake hawa ba. Layin dogo dai muna da shi, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tiƙe a Ƙauran Namoda tun 1929, kuma shi ya yi ta kwasar gyaɗa da audugar kakanninmu. A 2016 ma an loda shanu a Gusau an kai su Legas a kansa. Amma an daɗe babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai a kai bisa wannan reshe, don haka babu mai tsara tafiyarsa da shi. Jirgin da yawancinmu ke nufi in an ce jirgi shi ne na Kaduna zuwa Abuja, wanda ya fara aiki a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu. Kafin ka gan shi sai ka yi tafiyar mota ta Tsafe, Funtuwa, Zariya har Kaduna. Ma'ana, jirgin tsakiyar tafiyarka ne kawai, da mota a gabansa da mota a bayansa. Duk lissafin kaya daga nan yake farawa, kuma wanda ya manta da wannan shi ne ke zuwa Rigasa yana faɗa da mai sikeli a kan ɗari biyar alhali ya riga ya zubar da dubbai a hanya.

Hanyoyi uku ne a gaban mai kaya. Ko dai ya shiga da kayansa taragon fasinja, ko ya auna su ya biya a sa su wurin kaya, ko kuma ya ba da su webil a tashar mota tun daga Gusau, shi ya hau jirgi da 'yar jakarsa. Akwai ta huɗu da ba a son faɗa, wato a haƙura da jirgin gaba ɗaya a bi kayan a mota, kuma wani lokaci ita ce daidai.

Abin da taragon fasinja ke iya ɗauka

An gina jirgin Abuja domin mutane ne, ba domin fatauci ba. Wurin kaya a cikin tarago shi ne kantar da ke saman kujeru, sai ɗan fili a wajen ƙofa da ake jera manyan akwatuna. Kantar sama tana ɗaukar jakar baya da ƙaramin akwati, irin wanda za ka ɗaga sama da kanka ba tare da ka kira wani ba. Filin bakin ƙofa kuwa na wanda ya riga shiga ne. Hanyar tsakiya ba wurin ajiya ba ce, ma'aikata ba sa barin a tare ta, kuma suna da gaskiya, don ta nan za a fita in wani abu ya faru.

Saboda haka abu biyu ake dubawa a jikin kayanka, nauyi da siffa, kuma siffar ce ke fara jawo ido. Akwati mai taya mai kilo ashirin da biyu yakan wuce ba wanda ya ɗaga kai. Jakar bakko da aka cusa wa bargo da filo har ta kumbura kamar rumbu, ko da kilo goma sha biyu ce, ita za a fara cewa a ɗora a sikeli. Buhu da aka ɗinke baki da kwali da aka ɗaure da igiya kuwa, kowa ya gan su ya san kayan sayarwa ne. Ba muna cewa a ɓoye haja a yi ƙarya ba. Muna cewa kayan da aka matse, aka daidaita musu kusurwa, za su shiga inda aka tanada, kuma abin da ya shiga inda aka tanada ba shi da dalilin jawo ƙarin kuɗi.

Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne jikinka. In za ka iya ɗaukar duk kayan a tafiya guda, jaka a baya, akwati a hannu ɗaya, ƙaramar jaka a ɗaya hannun, ka hau matakala da su ba ka ajiye ba, to kayan fasinja ne. Da zarar sai ka yi sawu biyu, ko sai ka bar wani yana gadin rabi, ka shiga sahun masu biyan dako da sikeli, kuma gara ka fara lissafi tun daga gida.

Hukumar jiragen ƙasa tana ba kowane tikiti wani nauyi da zai wuce kyauta, abin da ya haura a biya. Adadin da farashin suna canzawa, don haka na ranar tafiyarka ka nema a tasha, wajen ma'aikacin da ke kan sikeli, ba wajen yaran da ke tare mutane a bakin ƙofa ba. Tambayoyi uku ne: kilo nawa ne kyauta, nawa ake biya a kan kowane kilo da ya haura, kuma jirgin da na yanki tikitinsa yana jan taragon kaya? Ta ukun ce mutane ke mantawa. In kana da ɗan'uwa a Kaduna, ya leƙa Rigasa kwana ɗaya kafin ka taso ya ji maka, don amsar ce za ta nuna ko babban kaya zai bi ka ko ba zai bi ka ba.

Aunawa a gida take. Sikelin rataya na masu sayar da kaji ko na masu hatsi ya isa. In na hawa kake da shi, ka hau kai kaɗai ka duba, ka sake hawa rungume da jakar, ka debe na farko daga na biyu. Ka bar rarar kilo ɗaya ko biyu, don sikeli da sikeli ba sa faɗin magana ɗaya, kuma na tasha ne ke da hukunci. Ka tuna mazubin ma yana da nasa nauyin: babban akwati mai tauri yakan kai kilo huɗu zuwa biyar babu komai a ciki, bakko kuwa ba ta kai kilo ɗaya ba. Ga tufafi da atamfa, bakko matsakaiciya da aka jera wa kaya a ninke, aka zagaye da igiya gicciye har ta zama kamar bulo, ta fi akwati riba. In ku biyu ne ko uku, ku raba nauyin daidai a jakunkuna tun a gida, kowa ya riƙe tasa da tikitinsa. Jaka guda mai kilo arba'in tsakanin miji da mata gardama take jawowa, biyu masu ashirin-ashirin ba sa jawo komai. Kwance kaya a gaban sikeli ana sake rabo, layi na jira a baya, nan ne abu ke faɗuwa ya ɓace.

Akwai kuma abin da ko nawa za ka biya ba zai shiga ba: fetur, kalanzir, tukunyar gas ko da ka ce babu komai ciki, da janareta mai mai a tanki. Ana binciken kaya kafin shiga, kuma tun da aka dawo da jirgin a Disambar 2022 bayan harin 28 ga Maris na shekarar, an ƙara tsaurara shi, har da neman lambar NIN wajen yankan tikiti. Kwalin da ka naɗe da salatif zagaye goma ana iya cewa ka buɗe. Ka ɗaure da igiyar da za ta kwantu ta sake ɗauruwa, ka kuma sa ƙaramin salatif a aljihu.

Lissafin ɗan kasuwa guda

Mu ɗauki mai kai kaya daga Gusau zuwa wani shago a Kubwa: jarka biyu ta man gyaɗa mai lita ashirin da biyar, kwali biyu na ƙuli-ƙuli, da jakar tufafinsa. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya ba ta cika kilo ba, don haka jarka da abin cikinta wajen kilo 24 ce, biyu 48. (Da zuma ce da labari ya sha bamban, lita ashirin da biyar ta zuma tana kai kilo 35.) A ce kowane kwali kilo 15, biyu 30. Jakarsa kilo 12. Jimla kilo 90, ƙunshi biyar.

Kafin a zo kan kuɗi, a ƙirga sau nawa kayan nan za su sauka ƙasa in ya bi ta jirgi. Daga gida zuwa tashar mota a Gusau. Daga motar Gusau a sauke a Kawo. Daga Kawo, da ke arewacin Kaduna, a ɗauko adaidaita ko tasi a tsallaka zuwa Rigasa can yamma da gari. Daga inda abin hawa ke tsayawa zuwa wurin bincike da sikeli. Daga sikeli zuwa bakin jirgi. Daga jirgi zuwa wajen tashar Kubwa. Daga nan zuwa shago. Sau bakwai ke nan, kuma kowace sauka tana da mai miƙo hannu.

Lambobin da ke tafe na misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya cire su ya sa na ranarsa. A ce kilo 25 ne kyauta, kilon da ya haura kuma naira 100. Rarar kilo 65 ta zama 6,500. Direban Gusau zai karɓi kuɗin lodi, a ce 3,000. Ƙunshi biyar ba sa barin ka shiga adaidaita da sauran fasinja, sai shata, a ce bambancin 2,500 a Kaduna, 2,000 a Kubwa. Ɗan dako sau huɗu, dubu-dubu, 4,000. An tashi 18,000, ban da tikiti da kuɗin motarsa shi kansa. A duba da kyau: kuɗin sikelin da ake ta kuka da shi kashi ɗaya cikin uku ne da ɗan ɗoriya. Sauran duk a tsakanin mota da jirgi suka zube.

Yanzu a juya. Ya kai jarkoki da kwalaye tashar mota a Gusau ya ba motar Abuja webil, a ce jarka 3,500 kwali 2,500, ya kama 12,000. Mai shago ya aika yaro ya karɓa a inda motar ke sauke kaya, a ce Zuba, ya biya adaidaita 2,500. An tashi 14,500, kayan sun sauka ƙasa sau uku maimakon bakwai, shi kuma ya hau jirgi da jakar kilo 12 ba wanda ya ce masa uffan. Ko da farashin webil ya tashi har ya yi kunnen doki da na jirgi, webil ɗin ya fi, saboda man. Jarkar mai ba abin da ma'aikacin tarago zai yi murna da gani ba ce, yana iya hana ta shiga wurin fasinja, kuma in murfi ya yi yoyo a kan akwatin wani, abin da za ka biya ya wuce ribar jarkar. Ga wanda zai ba da ita a mota: kada a cika ta har baki, don mai yana kumbura da zafi, a sa leda biyu a bakin kafin a murɗa murfi, a kuma tsayar da ita, ba a kwantar ba.

Sai dai ƙuli-ƙuli yana da nasa ra'ayin. A but ɗin mota, yaron mota zai ɗora masa buhu a kai ya danne da gwiwa don murfi ya rufu, ya isa Abuja rabinsa gari. Jirgi ba ya faɗawa rami, ba ya taka birki da ƙarfi, kaya masu karyewa sun fi samun lafiya a cikinsa. Don haka mai wayo yakan raba: mai ya bi mota, ƙuli-ƙulin ya bi shi. Kilo 30 da 12 sun zama 42, rarar 17, wato 1,700 a lissafinmu na misali. In ya haɗa kwalayen biyu ya ɗaure su a kan ƙaramin abin jan kaya mai taya biyu, jaka a baya, ya koma mai sawu guda, ɗan dako ya fita daga lissafi.

Daga wannan misali ake gane ƙa'idar da ke raba kaya gida biyu, wato ribar da ke cikin kowane kilo. Kilon shadda, turare, kilishi, kayan waya ko huluna yana ɗauke da ribar da kuɗin sikeli ba zai girgiza ba, kuma irin kayan ne ba ka so su yi nisa da idonka. Waɗannan su bi ka. Kilon masara, gero, wake ko shinkafa kuwa ribarsa 'yar kaɗan ce, in ka biya kuɗin kilo-kilo a kai ka cinye ta har ka taɓa uwar kuɗi. Buhun hatsi mai kilo ɗari ba shi da abin yi a Rigasa, na babbar mota ne. Ko buhun shinkafa mai kilo hamsin da za ka kai wa 'yan'uwa tsaraba, ka lissafa lodi da dako da sikeli, sau da yawa za ka ga tura musu kuɗin su saya a can ya fi arha. In dole sai ta gida ake so, a raba ta ashirin da biyar-biyar a buhu biyu.

Webil ma ba tsarkakakke ba ne. Kayan ba sa gabanka, ranar isarsu ta danganta da ranar da mota ta cika da abin da hanya ta yi, kuma in an yi asara, biyan diyya magana ce mai tsawo. Abin da ke rage wannan shi ne a bayar ta ofishin 'yan ƙungiya a cikin tasha, ba a bakin titi ba, a karɓi takarda mai lambar mota da lambar wayar direba, a rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a jikin kowane ƙunshi da alƙalami mai kauri, a kuma jefa wata takardar a ciki. A faɗi ko an biya ko sai an sauke za a biya, a rubuta, don a nan ake yawan karɓar kuɗi sau biyu.

In ka zaɓi biyan sikeli a tasha

Rasit shi ne komai. Ya nuna nauyi, kuɗin da ka biya, kwanan wata da tashar da za ka sauka. Kuɗin da ka miƙa wa wani don ya shigar maka da kaya ta gefe bai sayo maka komai ba: ana iya sake tambayarka a cikin jirgi ko a wurin fita, kuma in kayan suka ɓace ba ka da abin nunawa. Mai cewa kawo rabi in wuce da kai, rabin nan ƙari ne a kan cikakken da za ka iya biya daga baya. Ka tsaya ka ga allurar sikeli da idonka, ka tabbata an cire maka kilon kyauta kafin a ninka.

Da ɗan dako kuma a gama magana kafin ya taɓa kaya: nawa, na duka ko na kowane ƙunshi, kuma har ina. Har bakin ƙofar tasha daban, har bakin tarago daban, kuma ba kowane mai dako ake bari ya wuce wurin bincike ba. Da ya ɗora a ka ya fara tafiya, ciniki ya koma hannunsa.

Wurin sauka yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idu ce ƙarshen layi, kana da lokacin sauke kaya a natse, amma tana gefen gari, kuma tasi daga can da kaya ba arha. Kubwa ta fi kusa da masu zuwa Kubwa, Dutsen Alhaji, Gwarimfa, Dei-Dei da Zuba, sai dai tsayawar jirgi a nan gajeriya ce. Mai kaya a taragon kaya da zai sauka Kubwa ya gaya wa ma'aikacin tun a Rigasa don a ajiye nasa kusa da ƙofa, ya kuma matso bakin ƙofar taragonsa kafin jirgi ya tsaya. In ba haka ba, kai kana Kubwa kayanka suna Idu.

Sai lokaci. Tikitin jirgi na jirgi guda ne da kujera guda, motar Gusau kuwa sai ta cika take tashi, kuma mai kaya ne ake ɗaure wa lodi a ƙarshe. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba wadda ake bi da duhu ba ce don a cim ma jirgin safe. Ko dai ka yanki na yamma ka taso da hantsi bai yi ba, ko ka kwana Kaduna ka hau na safe. Mai kayan aunawa ya isa tasha da awa ɗaya da rabi a hannu. Tikitin da ya ƙone saboda an tsaya ɗaure buhu a Funtuwa ya fi kowane kuɗin sikeli ciwo.

Keke

Keke ba nauyi ne matsalarsa ba. Baƙin keke irin na da mai taya inci 28 yana kai kilo ashirin ko fiye kaɗan, na zamani mai giya bai kai haka ba. Matsalar tsawo ce da ƙahoni: ya kusa mita biyu, kansa ya buɗe fiye da rabin mita, feda ta fito kowane gefe tana kama rigar mutane, sarƙa tana shafa baƙin mai. A tsaye yadda yake, ba shi da wurin zama a taragon fasinja. In jirgin na da taragon kaya kuma an yarda a karɓa, to, amma kada ka turo shi Rigasa kana fatan sa'a.

Abin da ke mayar da keke kaya kamar sauran kaya shi ne kwali. Masu sayar da sababbin kekuna suna da kwalayen da aka kawo su ciki, tsawonsu wajen santimita 140, tsayi wajen 80, kauri kamar taƙi guda. Aikin rabin awa ne da sifana mai lamba 15 da filaya. A fara da feda, kuma a nan ake ɓarna: ta dama tana kwancewa yadda kowane noti ke kwancewa, ta hagu kuwa zarenta a juye yake. Hanyar tunawa ita ce, in sifana tana tsaye sama, ka tura ta wajen tayar baya, a kowane gefe. Wanda ya dage yana murɗa ta hagu ta hanyar da ya saba ƙara ɗaure ta yake yi, har ya cinye zaren. Sai a cire tayar gaba da madigadinta, a zare sirdi da sandarsa, a sassauta notin wuya a juya kan keken ya yi layi ɗaya da jiki. In an sassauta notin wuya kan ya ƙi motsi, a ɗan buga kan notin da guduma ta bisa katako, abin da ya riƙe shi daga ciki zai saki.

Baƙin keke mai birkin ƙarfe yana da ƙarin aiki, don sandunan birkin a haɗe suke da kan. Sai an kwance ƙananan notocinsu kafin kan ya juya, in an tilasta sandunan su lanƙwashe, birki ba zai sake kamawa daidai ba. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran keke, kuɗin kaɗan ne. Bayan an cire tayar gaba, a sa guntun katako tsakanin ƙafafun fok a ɗaure, don in aka ɗora wani kaya a kan kwalin, ƙafafun ne ke matsewa, taya ta ƙi komawa. Mai giya kuma a naɗe abin canjin giyar na baya da tsumma da kwali, a rubuta a waje gefen da zai kalli sama, don shi ne ke fara lanƙwasa. Sarƙa a sa mata leda. Feda da notoci a zuba a leda guda a ɗaure a jikin keken, ba a sake su cikin kwali ba, don ta ramin hannu suke zubewa. Ba sai an sace iskar taya ba. Sifanar kuma ta bi keken a cikin kwali, kada a iso Abuja a rasa abin ɗaurawa.

To, duk wannan wahala ta cancanta? Ga keke mai tsada, na tsere ko na hawan dutse, e, kwali da jirgi sun fi saman mota, inda igiya ke goge fenti, sifok ke karyewa, rim ke karkacewa in an ɗora masa buhu. Ga keken yara, a cire tayoyi a sa a babbar bakko, ya wuce a matsayin jaka. Mai naɗewa ma haka. Amma ga tsohon baƙin keke da za a kai wa ɗalibi ko mai gadi a Abuja, webil a mota ya fi, a juya kan, a cire feda, a naɗe jikin da kwali. In kuma kuɗin kai shi ya kusa rabin kuɗinsa, a sayar a Gusau a sayi na hannu a can.

Tsohon layi, da mutanen Kabi

Wanda kayansa suka fi ƙarfin duk wannan zai tuna jirgin Kano zuwa Legas da ke ratsa Zariya, Kaduna, Minna, Jebba, Ilorin da Ibadan. Shi ne jirgin 'yan kasuwa na asali, mai haƙuri da buhu da kwando, kuma Zariya ta fi Rigasa kusa da mu. Amma tafiyarsa ta fi kwana guda, yakan yi aiki ya tsaya, don haka sai an tabbatar a tashar Zariya cewa yana tafiya a makon kafin a ɗauko kaya. Kuma layinsa daban ne da na Abuja: faɗin tsohon milimita 1,067, sabon 1,435, tarago ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, tashoshinsu ma a Kaduna ba ɗaya ba ne. Babu yadda za a loda kaya a Zariya su sauka Idu ba a sake sauke su an ɗora a mota ba.

Jihar Kabi kuwa ba ta da layin dogo. Mai tasowa daga Birnin Kabi, Jega ko Yawuri zuwa Abuja hanyarsa ta Kwantagora da Minna ce, ta shigo ta Suleja, ba ta bi ta Kaduna ba. Karkatawa zuwa Rigasa da albasar Aliero ko bandar kifin Yawuri ƙarin tafiya ce da ƙarin sauke-sauke, ga wari da ba za a yarda da shi a tarago mai sanyaya iska da rufaffun tagogi ba. Albasa tana son iska da buhu mai huji, a kan babbar mota. Kifin banda yana son kwando ko kwali mai tauri da ba za a danne ba, a saman lodi, kuma a gaya wa yaron mota haka tun kafin ya fara ɗauri.